Jan layi a ƙarƙashin Turancina: kuskure ne ko bambancin Birtaniya da Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta tesis ɗina na digiri na biyu a fannin jinya, kuma kaina ya ɗaure. Na rubuta wannan: "The committee have approved the programme. Nurses who practise in rural centers were organized into groups and given new equipments." Kwamfuta ta ja jan layi a ƙarƙashin programme da practise, shi kuma sufabaiza ɗina ya zagaye have da organized da equipments da jan biro, ya ce organized Turancin Amurka ne. Wa zan bi cikinsu? Ta yaya zan gane kuskure na gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Cikin kalmomi biyar ɗin nan da aka yi miki alama, guda ɗaya ce kawai kuskure na gaskiya wanda babu jayayya a kansa, sannan akwai wata kalma ta shida da ba wanda ya taɓa ta, ba kwamfuta ba sufabaiza, kuma ita tana buƙatar gyara. Bari mu bi su a hankali.

Da farko ki gane abin da jan layin kwamfuta yake nufi. Ba yana cewa kin yi kuskure ba ne, cewa yake wannan kalmar ba ta cikin ƙamus ɗin da aka saita masa. Yawancin laftof ɗin da muke saya a nan suna zuwa ne a saite da English (United States), to kin ga duk abin da kika rubuta da sifelin Birtaniya, wanda shi aka koya mana tun firamare, ja zai yi masa. Saboda haka kafin ki taɓa ko harafi ɗaya, in a Microsoft Word kike, ki danna Ctrl+A ki zaɓi rubutun gaba ɗaya, ki shiga Review, sai Language, sai Set Proofing Language, ki zaɓi English (United Kingdom). Ki cire alamar da ke kan Detect language automatically in akwai ta, don wani lokaci ita ce take sa babi ɗaya ya zama rabi nan rabi can, musamman in kin kwafo wani abu daga wani fayil ɗin. Da kin yi haka layin da ke ƙarƙashin programme zai ɓace, na practise ma haka, sai kuma ki ga sabon layi ya fito a ƙarƙashin centers. Ita ce ta shidan da na ce miki. Centers sifelin Amurka ne, Bature ɗan Birtaniya centres yake rubutawa, kuma a kan kanta kalmar ba laifi ba ce, laifinta shi ne ta zauna a jimla ɗaya da practise. Wannan gauraya ita ce abin da mai duba tesis zai kama ki da shi, kuma da gaskiyarsa.

Asalin rabuwar ba wani abin ɓoye ba ne. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya taimaka wajen daidaita sifelin Ingila, shi kuma Noah Webster a Amurka, musamman da babban ƙamus ɗinsa na 1828, ya tsaya a kan color da center da defense a madadin colour da centre da defence. Kowanne ɓangare ya bi nasa, mu kuma mulkin mallaka ya gadar mana da na Birtaniya, shi ya sa har yau ma'aikatar tsaronmu Ministry of Defence ake rubuta ta da c.

Practise kuma kar ki saki jiki da ita don kawai layin ya tafi. A Turancin Birtaniya in kalmar suna ce da c ake rubuta ta, in aikatau ce kuma da s: nursing practice amma nurses who practise. Haka licence da license suke, a driving licence amma licensed to drive. Amurkawa sun huta da wannan, practice suke rubutawa ko'ina, license ma ko'ina. A jimlarki aikatau ne, don haka daidai kika yi. Amma ki lura, in kin saita Birtaniya duka biyun suna cikin ƙamus, kenan in kika rubuta clinical practise a babi na uku jan layi ba lalle ya fito ba, alhali wannan kuskure ne a Landan kuma kuskure ne a Niyok. Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce su gwada da advice da advise, tunda su kunne yana jin bambancinsu: inda advice za ta zauna, practice ce, inda advise za ta zauna, practise ce.

To yanzu organized, inda nake ganin an fi zaluntar ɗalibai. Malaminki ba shi kaɗai ba ne, mutane da yawa har da Turawan kansu sun ɗauka duk -ize na Amurka ne, kuma ba haka ba ne. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford da ƙamusoshinta -ize suke fifitawa tun da daɗewa, organize, recognize, realize, a haɗe da colour da centre da programme, har ana kiran tsarin da sifelin Oxford, kuma irinsa ne za ki gani a takardun Majalisar Ɗinkin Duniya. Jaridun Birtaniya kuwa galibi -ise suke bi. Kenan ɗan Birtaniya yana da zaɓi biyu, Ba'amurke yana da ɗaya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne organized a shafi na goma, organised a shafi na sha ɗaya. Kuma akwai tarko biyu a nan. Na farko analyse: ko kin bi Oxford, da s ake rubuta ta, analyze na Amurka ne, kuma kalma ce da za ta fito miki sau da yawa a babin hanyar bincike. Na biyu akwai kalmomin da -ise suke a ko'ina a duniya, irin su supervise, advertise, exercise, revise, surprise, in kika ga supervize to wannan ba na kowa ba ne.

Amma duk da hujjar tana hannunki, shawarata a kan wannan kalmar ita ce ki duba littafin ƙa'idojin rubuta tesis na makarantar gaba da digirinku. In ya faɗi salon da ake so, magana ta ƙare. In bai faɗa ba kuma malamin -ise yake so, ki ba shi -ise, ai ba daga daidai zuwa kuskure ya kai ki ba, daga daidai zuwa wani daidai ne, kuma shi zai sa hannu. Sai dai don Allah kar ki yi Replace All daga ize zuwa ise, zai mayar miki da sample size ya koma sample sise, prize da seize ma su lalace. Ki yi amfani da Ctrl+F ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ba zai ci miki lokaci mai yawa ba.

The committee have ita ce mai ɗan sarƙaƙiya, don ba sifelin ba ne, nahawu ne. Sunaye irin su committee, team, government, family, Amurkawa kusan kullum a matsayin abu ɗaya suke ɗaukarsu, the committee has. 'Yan Birtaniya suna yin duka biyun gwargwadon abin da ake nufi, in kwamitin ne a dunƙule ya yanke hukunci sai a ce has, in kuma mutanen da ke ciki ake kallo ɗaya-ɗaya, misali sun kasa jituwa, sai a ce the committee have not agreed among themselves. Saboda haka have ɗinki ba karya nahawu ba ce a Turancin Birtaniya. Amma ki dubi ma'anar jimlarki, amincewa aka yi, hukunci ɗaya daga hukuma ɗaya, to has ta fi dacewa, kuma a rubutun ilimi ita ce ba mai tanka miki a kanta ko daga ina yake. A nan ina bayan malaminki, ko da dalilinsa ba irin nawa ba ne.

Equipments ita ce kuskuren. Ba Birtaniya ba Amurka, equipment ba a yi mata jam'i, kamar information da furniture da advice. Mun saba jin ta da s a ofisoshi da asibitocinmu har kunne ya daina jin ta a matsayin laifi, amma a tesis sai ki ce new equipment, ko pieces of equipment in ƙidaya kike so. 'Yan'uwanta da za ki nema a sauran babukan su ne discuss about da comprise of da emphasize on, duk ukun ba sa buƙatar wannan ƙaramar kalmar da ke bayansu, a kowane ɓangaren teku kike.

Yadda za ki riƙa rarrabewa da kanki kuwa, ƙamus ne, amma ba kallon ko kalmar tana ciki kawai ba, ki karanta ɗan lakabin da ke gefenta. Oxford Advanced Learner's Dictionary yana nuna wadda ta Birtaniya ce da wadda ta Amurka ce, kuma a gefen equipment za ki ga uncountable, wato ba a ƙirga ta, wannan kaɗai ya ishe ki hujja. Merriam-Webster na Amurka shi kuma chiefly British yake rubutawa a gefen irin su colour. In kin sami siffar da kika rubuta a ɗayansu da lakabin ƙasa, to bambanci ne, sai ki tambayi kanki ko ta dace da ɓangaren da kika zaɓa. In babu ta a duka biyun, ki gyara ba gardama. Kuma kar ki yarda da ƙiyasi, don a nan ake faɗawa rami: mutum ya san honour da humour sai ya rubuta honourary da humourous, alhali Birtaniya ma honorary da humorous take rubutawa. Ya san Birtaniya tana ninka l a travelled da labelled sai ya ɗauka ko'ina haka ne, alhali enrol da fulfil da enrolment l ɗaya ne a wajensu, Amurkawa ne masu enroll da fulfill. Programme ɗin kanta, in manhajar kwamfuta ake nufi, program ce har a Birtaniya.

Wuri ɗaya ne gauraya ta zama dole, shi ne sunayen hukumomi da maganar da kika ɗauko daga wani da taken ayyukan da ke jerin manazarta. A fanninki za ki ambaci Centers for Disease Control and Prevention ta Amurka da kuma Nigeria Centre for Disease Control and Prevention tamu, wataƙila a sakin layi ɗaya, kowacce a bar ta yadda masu ita suka rubuta. World Health Organization da z take ko da duk tesis ɗinki -ise ne. Kwamfuta za ta ja layi a ƙarƙashin Centers, ki danna dama ki zaɓi Ignore ki wuce, kuma in taken wata maƙala ta Amurka yana da behavior kar ki ƙara masa u.

Ga yadda zan miƙa wa malamin in ni ne: "The committee has approved the programme. Nurses who practise in rural centres were organised into groups and given new equipment." In za ki kai masa, ki tambaye shi sau ɗaya cikin ladabi, Malam -ise za mu bi har ƙarshe ko -ize, ki rubuta amsar a takarda ɗaya tare da sauran zaɓin da kika yi, ki ajiye ta kusa da ke lokacin da kike gyara sauran babukan. Allah ya ba da sa'a.