Kawu ya nemi rance, ni kuma ba hali

Gwaggo barka da dare, dan Allah shawara nake nema. Kawu na Funtuwa ya kira ni yana son rancen dubu 200 na taki, wai sai kaka ya biya, alhali dubu 80 na bara ma shiru har yau. Albashina dubu 230 ne, ga haya a watan Agusta, ga iyali ta kusa haihuwa. Na ce masa zan duba, yau sati biyu ina kallon kiransa ba na ɗauka. A al'adarmu ya ake ce wa babba babu ba tare da zumunci ya lalace ba?

Babana, lafiya lau, ya mai jikin, Allah ya raba lafiya.

Toh kafin komai gobe da safe ka kira shi, kar ka bari ta kai azahar. Wannan zan duba ɗin da ka faɗa ita ce matsalar, ta fi babu ɗin da kake tsoro illa nesa ba kusa ba. Kai a ranka kana ganin ka kauce ne cikin ladabi, shi kuma a kunnen manomi zan duba alkawari ne, ƙila ma ya riga ya je wajen mai taki ya ce a ajiye masa ɗansa na Kaduna zai turo. Kuma masara ba ta jiran kowa, takin kamfa ana sa shi ne tana ƙarama sati biyu zuwa uku da shuka, yuriya kuma wajen sati biyar zuwa shida, in lokacin ya wuce ko tirela ka kawo masa an riga an yi asara. Kaga duk kwanan da ka ƙara kana kallon waya tana ringin, kwana ne ka cinye masa wanda da ya je ya nema a wani waje, ko ya sayar da ɗan rago, ko ya rage faɗin abin da zai sa wa takin. In ka bar shi sai lokaci ya ƙure, wajen masu ba da kuɗi da damina su karɓi buhu da kaka a wulaƙance zai faɗa, kuma ranar da suke loda masararsa kai zai tuna.

Sannan ka cire wa ranka cewa zunubi kake shirin yi. A Risala da muka karanta a islamiyya, ciyarwar da ta zama dole a kan namiji ta matarsa ce da ƴaƴansa ƙanana da iyayensa biyu in matalauta ne. Kawu yana da haƙƙin zumunci, babba ma kuwa, ɗan'uwan mahaifiya ba wasa ba, amma haƙƙin nan na gaisuwa ne da ziyara da alheri daidai ƙarfinka, bai kai a ɗauki kuɗin haihuwar matarka a zuba a gona ba. Ka buɗe Suratul Isra'i daga aya ta 26 zuwa 29, a waje ɗaya aka ce a ba ɗan'uwa haƙƙinsa, aka ce in ba ka da abin bayarwa ka faɗa musu magana mai laushi, aka kuma hana ƙunƙume hannu da sakinsa gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi. To kaga hanawar ma an san da ita, yadda za a yi ta aka koya mana.

Yanzu ga yadda ake yi. Mu da muka taso ba a sallamar babba hannu biyu, wato ba a haɗa masa babu da hannu wofi in dai da yadda za a yi. Ka zauna yau da daddare ka yi lissafi kai kaɗai, bayan abinci da kuɗin mota da abin da kake tura wa mamanka duk wata da wanda kake tarawa na haya da asibiti, nawa ne in ya fita ba zai dawo ba kuma ba za ka kwana kana juyi ba? In dubu 30 ne toh dubu 30 ne, in 20 ne 20. Wannan za ka ba shi, kuma kyauta, ka faɗa da bakinka cewa kyauta ce. Kar ka kuskura ka ce ga rabi rance, dan in ka ba shi dubu 100 rance ka matse kanka, shi bai ishe shi ba, kai kuma ka zama mai bin kawunka dubu 180, duk taron suna ko biki kuna haɗuwa yana sunkuyar da kai kana sunkuyar da kai. Bashi tsakanin dangi shi ke hana gaisuwa, wanda ake bi shi ke fara gudu, ba dan mugunta ba, kunya ce.

Kuma kira za ka yi, banda rubutu a WhatsApp, banda saƙon murya. Da kusa yake ma da ƙafa za ka je ka durƙusa, amma tunda lokaci ya matse waya ta wadatar. Ka gaishe shi sosai yadda aka saba, ya gida ya iyali ya ruwa, kar ka yi sauri kamar mai son ya sauke kaya ya gudu. Ka ba shi haƙurin rashin ɗaukar waya a taƙaice. Sai ka ce, "Kawu maganar da ka yi min na duba, dubu 200 ɗin nan ba zan samu ba bana, haya da haihuwa sun haɗe min. Amma ga dubu 30 zan tura yanzu a ƙara a kuɗin takin, wannan ba rance ba ne, nawa ne na sa albarka. Na ce gara in faɗa maka da wuri dan a nemi sauran." Shikenan. Ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, kuma kana ajiye waya ka tura, ya ji alat kafin ransa ya gama ɓaci.

Ka lura dalili ɗaya na sa maka, kuma na gaskiya. Ku yaran yanzu in kunya ta kama ku sai ku yi ta jero dalilai, albashi bai shigo ba, mota ta lalace, oga ya yi kaza, to kowane dalili ƙofa ce ka buɗe masa, in kace albashi bai shigo ba zai ce ba komai zai jira ƙarshen wata, ya za ka yi? Kuma dan girman Allah banda rantsuwa, kar in ji wallahi ko sisi ba ni da shi, kana da shi mana, na haya ne. Ranar suna zai zo ya ga rago ya ga abinci, in ka rantse masa ba ka da ko sisi ka zama maƙaryaci a idonsa, in kuwa ka ce masa haihuwa ce ta hana to abin da ka faɗa ne ya gani da idonsa. Wani abin da na fi tsana, namiji ya laɓe bayan matarsa, wai ita ce ba ta yarda ba ko kuɗin na hannunta. Kai za a yafe maka cikin wata ɗaya dan jininsu ne, ita kuwa baiwar Allah har ta yi jika ana cewa ta mallake musu ɗa.

Zai iya matsawa, ka shirya. Zai ce ko rabi ne, ko ka ranto masa a wajen aiki, ko ka karɓo a irin bashin nan na waya, ko ka tsaya masa wajen mai taki. Duk amsarsu ɗaya ce kuma da murya ɗaya, "Kawu ka yi haƙuri, iyakar abin da zan iya kenan." Kar ka canza kalma kar ka ƙara bayani, in ya faɗa sau uku ka maimaita sau uku cikin ladabi. Tsayawa mutum bashi kuwa biyan bashi ne da sunanka, masu bashin waya kuma in aka yi latti har mutanen da ke cikin wayarka suke bi da saƙo suna tona maka asiri. In ka motsa daga 30 zuwa 60 dan ya ɗaga murya, ka koya masa cewa babunka ciniki ce, baɗi daga nan za a fara.

Maganar dubu 80 ta bara kuwa kar ta fito a wannan kiran ko da wasa. Na san tana bakinka, amma in ka ce ai na bara ma ba a biya ba, ka mayar da maganar daga ba ni da hali zuwa ban yarda da kai ba, wannan kuma ita ce ba ta goguwa. Ni a ganina, kuma ra'ayina ne, ka yafe ta kawai, amma ba yanzu ba, sai bayan kaka in ka je gaisuwa ku biyu ba kowa, ka ce Kawu wancan na bara na bar maka. In kuma kana buƙatar abinka ba laifi ba ne, sai ka ce a ajiye maka masara buhu ɗaya ko biyu a madadin, manomi ya fi iya biya da hatsi akan kuɗi kuma bai jin kunyar hakan.

Sai mamanka. Ni dangin uba ce, ba na son a ce Gwaggo ta shiga tsakanin mace da ƙaninta, amma ka faɗa mata da kanka kafin shi ya faɗa mata, dan kar ta ji labarin a karkace. Ka ce Kawu ya nemi taimako na yi abin da zan iya, iyakarta kenan. Sanarwa ce, kar ka aike ta ta ba shi haƙuri, in ta zama ƴar aike ita za ta sha zafin daga ɓangare biyu, kuma ƙila ta ɗauki nata na cefane ta cika masa a ɓoye. Bayan ita kar wani ya ji, ko ƙannenka, balle guruf ɗin dangi. Mutum yana haƙura da an hana shi, amma a ce yara sun san ya roƙa an hana shi, wannan ba ya haƙura.

Ƙila ya yi fushi, ka ji gaisuwarsa ta gajarce ko ya ƙi ɗaukar waya kwana biyu, kar ka rikice ka tura ƙari dan ka sayi fara'arsa. Ka dai ci gaba da abin da ka saba, ranar Juma'a ka kira, ka tambayi ya masara ta yi, an samu takin kuwa, in an haihu shi za ka fara sanar wa cikin manya. Yawancin zumuncin da na ga ya mutu a kan kuɗi wanda ya hana ne ya ɗauke ƙafa saboda kunya, shi wancan sai ya fassara da girman kai.

Duk wannan fa a kan taki da jari da kayan biki nake magana. In ciwo ne, an kwantar da wani ko ana neman kuɗin tiyata, lissafin daban ne, nan ba a cewa babu a koma gefe, ka ba da iya ƙarfinka, ka biya kai tsaye a asibitin ko kantin magani, sannan ka kira sauran ƴan'uwa kowa ya kawo nasa dan kar ya zama kai kaɗai ake kallo kullum. Ka gaida min matarka, ka ce ta rage ɗaukar abu mai nauyi, in kun yi waya da Kawun ka faɗa min yadda kuka yi.