"Za a" ba sunan kowa ba ne: yadda ake rubuta saƙon godiya bayan zama

Tambaya: Ni ce sakatariyar wani kwamiti na mutum biyar a wurin aikinmu, muna shirya horaswa ta yini ɗaya ga sababbin ma'aikata. Duk bayan zama nakan tura saƙon godiya haɗe da abin da aka yanke, amma idan muka dawo sai a tarar ba a taɓuka komai ba, wani ma ya ce bai san ranar da aka sa ba. Ga na ƙarshe da na tura: "Mun gode da halartar zaman yau. Za a nemi ɗakin taro, za a fitar da kasafi, kuma a tura takardun gayyata kafin zama na gaba, Talata mai zuwa." Ina matsalar take?

Amsa: Malama, sake karanta saƙon naki ki nemo sunan mutum ɗaya a ciki. Babu. Akwai ayyuka uku, kuma duk ukun kin rataya su a wuyan "a". Hausa ta ba mu wannan ɗan wakilin suna don mu faɗi abu ba tare da mun nuna kowa da yatsa ba, kuma a hira yana da daɗi, domin yana sa magana ta yi laushi. A saƙon rabon aiki kuwa shi ne ɓarawon. Mutum biyar za su karanta "za a nemi ɗakin taro", kowannensu ya gyaɗa kai da zuciya ɗaya, yana ganin ɗaya daga cikin sauran huɗun ake nufi. Ba lalaci ba ne. Ba wanda aka kira, shi ya sa ba wanda ya amsa.

Saboda haka gyara na farko shi ne kowane aiki ya fara da sunan mutum ɗaya. Na ce ɗaya, domin "ma'aji da mataimakinsa" ma ƙanin "za a" ne: ma'aji ya jira mataimaki, mataimaki ya jira ma'aji. Idan aikin na mutum biyu ne da gaske, ki rubuta wanda za a tambaya, sannan ki ƙara da cewa wane zai taimaka masa.

Bayan suna sai aikin kansa, kuma a nan ma akwai tarko. Kalmomi irin su "duba", "bibiya", "tuntuɓa" da "nema" ba su da ƙarshe. Wanda aka ce ya nemi ɗakin taro zai iya buga waya sau ɗaya, ba a ɗauka ba, ya zo zama ya ce ya nema, kuma bai yi ƙarya ba. Gwajin da nake yi wa kowane layi shi ne: idan ranar ta zo, me zan gani da idona wanda zai nuna an gama? Idan amsar ita ce takardar tabbaci daga masu ɗakin, to ita za a rubuta: ya kama ɗakin, ya turo mana tabbacin a rubuce. Idan ba ki iya faɗin abin da za a gani ba, alama ce cewa tun a zaman ba a gama yanke maganar ba.

Sai wa'adi. Kin ba ayyuka uku wa'adi guda, wato "kafin zama na gaba", alhali ba za su yiwu a lokaci ɗaya ba. Ma'aji ba zai rufe kasafi ba sai ya san kuɗin ɗakin. Takardar gayyata ba za ta fita ba sai an san wurin da za a rubuta a cikinta. Ke nan mutum biyu suna jiran mutum ɗaya, shi kuma a ganinsa yana da lokaci har daren jajiberin zama. Idan ya gama nasa a wannan daren, ya cika alkawari daidai da abin da kika rubuta, amma ya bar sauran biyun hannu rabbana. Don haka ki jera ayyukan bisa wanda ke jiran wani, ki ba na farko wa'adi mafi kusa, kuma na ƙarshe ya faɗo kwana biyu ko uku kafin zama, don ki samu damar tattarawa ki raba wa mutane su karanta.

Ita ma kalmar "kafin" sai an yi hattara da ita. "Kafin Juma'a" a wurin wani Alhamis ce ranar ƙarshe, a wurin wani kuma har yammacin Juma'ar yana cikin wa'adi. Ki rubuta "zuwa Juma'a, ƙarfe 4 na yamma", gardama ta ƙare.

Wanda ya ce bai san ranar zama ba, ni ban ga laifinsa sosai ba. "Talata mai zuwa" tana da ma'ana ne a ranar da aka rubuta ta kawai. Saƙo kuwa yana zama a waya, wani sai bayan kwana takwas zai koma ya buɗe don ya tuna, a lokacin Talata mai zuwa ta zama wata Talatar daban. Haka "jibi", haka "mako na sama". Ki haɗa sunan rana da kwanan wata da sunan watan a rubuce, sannan lokaci da wuri. Haɗa rana da kwanan wata yana da wata fa'ida: idan kika yi kuskure a ɗaya, wani zai lura cewa ba su dace ba ya tambaya. Lambobi zalla kuma ki guje su. Mai karanta 03/10 a yawancin ƙasashe zai ce 3 ga Oktoba, amma a Amurka, inda ake fara rubuta wata, 10 ga Maris zai gani. Idan dole sai lambobi, tsarin rubuta kwanan wata na ƙasa da ƙasa, wato ISO 8601, yana farawa da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-10-03. Idan kuma zaman ta bidiyo ne da mutane a ƙasashe daban-daban, ki faɗi agogon ƙasar da kike nufi, ki tuna cewa wasu ƙasashen suna sauya agogo: Birtaniya, alal misali, tana mayar da nata baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Mu ɗauka kun zauna ranar Talata 30 ga Satumba, kuka sa zama na gaba bayan mako biyu. Ga yadda zan sake rubuta saƙon naki. Na sa muƙamai, ke kuma sai ki sa sunayen mutanen:

"Barkanmu da warhaka. Na gode da lokacin da kuka ba zaman yau, musamman ma'aji da ya zo da lissafin bara, wanda ya rage mana doguwar muhawara.

Zama na gaba: Talata 14 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe, a ɗakin taro na ofis.

Jami'in gudanarwa zai kama ɗakin horaswa ya turo mana tabbaci da farashinsa a rubuce, zuwa Juma'a 3 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma. Kasafi da gayyata duk wannan suke jira.

Ma'aji zai turo min daftarin kasafi zuwa Laraba 8 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma.

Ni zan rubuta takardar gayyata in kai wa Shugaba zuwa Laraba 8 ga Oktoba. Shugaba ya ce zai duba ya sa hannu zuwa Juma'a 10 ga Oktoba.

An yi maganar wanda zai gabatar da darasin farko, amma ba a ɗora wa kowa nemo shi ba. Ranka ya daɗe Shugaba, muna jiran ka faɗi wanda zai ɗauka.

Idan na rubuta wani abu ba yadda aka yanke ba, a gyara min zuwa gobe Laraba, ƙarfe 12 na rana."

Dubi godiyar: jimla ɗaya ce, kuma ta ambaci abin da wani ya yi takamaimai. Na san akwai masu ganin gajeriyar godiya rowa ce. Ni kuma na ga saƙonni da yawa da aka cika sakin layi biyu da yabo, ranar zama ta nutse a can ƙasa inda ba mai kai wa, musamman a waya. Godiya ta buɗe ƙofa, ranar zama ta biyo ta nan take, a layinta ita kaɗai. Idan imel ne, ki sa ranar a taken saƙon ma, yadda za a gan ta ko ba a buɗe ba.

Layin Shugaba shi ne yakan ba sakatarori tsoro, don ba a son a ga kamar ƙarami yana ba babba umarni. Maganinsa "ya ce zai". Ba ke kika ɗora masa ba, maganarsa kika mayar masa. Kuma ki sa naki aikin a jerin da wa'adinsa kamar na kowa, hakan yana cire wa saƙon kamannin sa ido.

Layin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina shi ne na aikin da ba a ba kowa ba. Jarabar da ke gaban mai rubutu ita ce ya cike gurbin da sunan wanda yake ganin ya dace. Kada ki yi. Saƙon nan maimaita abin da aka yanke ne, ba wurin yanke sabon hukunci ba ne. Ranar da wani ya ga sunansa a kan aikin da bai karɓa ba, daga ranar ya daina yarda da saƙonninki, har waɗanda suke daidai. Ki nuna gurbin a fili ki miƙa wa mai ikon cikewa. Idan kuma kina so ki rage irin wannan, minti biyar kafin a tashi ki karanta jerin da babbar murya, kowa ya amsa nasa da bakinsa.

Wa'adin gyara yana aiki ne a kan waɗanda suka halarta kawai. Wanda aka ba aiki ba ya nan, shirunsa ba amsa ba ce, wataƙila ma bai buɗe saƙon ba. Shi sai ki kira shi, ki ji ya karɓa, kuma ranar ta yi masa.

Ki tura saƙon a ranar zaman, in ya yi nisa washegari da safe, tun mutane suna tuna abin da suka faɗa. Kada ki jira cikakken rahoton zama. Shi rahoto yana ɗauke da muhawara da dalilai, galibi sai a zama na gaba ake amincewa da shi, lokacin da wa'adin ɗakin horaswa ya daɗe da wucewa.

Idan daga baya aka ɗage zaman, kada ki cusa sabuwar ranar a ƙasan tsohon saƙo. Ki tura sabo, ki ambaci ranakun biyu: an ɗage daga Talata 14 zuwa Alhamis 16 ga Oktoba, lokaci da wuri ba su sauya ba. Ki kuma faɗi ko wa'adin ayyukan yana nan yadda yake, domin in ba ki faɗa ba, ma'aji zai ɗauka shi ma an ƙara masa kwana biyu.