Kuɗin tallan kayan Sallah: daga ranar tela ake fara lissafi

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Kano, ina ɗauko kaya a Kwari. Bana na ware dubu 300 don tallan Facebook da Instagram na kayan Ƙaramar Sallah. Yaushe ya kamata in fara, kuma yaya zan raba kuɗin? Bara a goman ƙarshe na zuba komai, saƙonni suka yi ta shigowa amma ciniki babu.

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Abin da ya same ki bara ni ma ya taɓa samuna, a azumin 2024, kuma har yau idan na tuna sai na ji ciwon kuɗin. Na bari sai da aka shiga goman ƙarshe na buɗe talla da ƙarfi, a tunanina lokacin ne kowa yake zumuɗin Sallah. Saƙo kam ya shigo, har wayata tana zafi. Amma kusan kowace mace bayan ta tambayi farashi sai ta ce, "Hajiya kina da telan da zai karɓa yanzu?" Ni kuwa ina zan samo tela ranar 23 ga azumi? Turame suka kwana a ɗaki har bayan Sallah.

Mai sayar da yadi ba da ranar Sallah take aiki ba, da ranar da tela zai rufe karɓar ɗinki take aiki. Telolin da na sani, masu hannu mai kyau, kafin azumi ya raba tsakiya sun cika, wasu ma tun farkonsa suke cewa sun rufe. To ki cire kwana biyu zuwa uku na kai kaya tasha idan mai sayen tana Kaduna ko Abuja ko Maiduguri, ki ƙara cire kwanakin da mace take yi tana shawara da maigida ko tana jiran albashi. Idan kin lissafa za ki ga kasuwarki ta gaske tana tsakanin tsakiyar Sha'aban da goman farko na azumi. Goman ƙarshe na masu hula ne da takalmi da mayafi da kayan yara ɗinkakku, abin da za a saya yau a sa gobe.

Kuma da watan Musulunci za ki rubuta tsarinki, sannan ki duba inda ya faɗo a watan Bature. Sallah tana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara: a 2024 an yi ta 10 ga Afrilu, a 2025 kuma 30 ga Maris. Amfanin dubawar shi ne ki ga inda ƙarshen wata ya faɗa, don masu albashi da yawa sai kuɗi ya shigo suke biya. Idan ƙarshen watan Bature ya faɗo cikin kwanakin kasuwarki, nan ne wurin da za ki fi sakin hannu.

Kafin ki raba kuɗin, ki san nawa saƙo ɗaya ya kamata ya ci miki. Wannan lissafin ne yawancinmu muke tsallakewa. Ki buɗe WhatsApp ɗinki ki ƙirga: cikin mutum goma da suka yi magana daga talla, nawa suka biya? A wurina, a lokacin kasuwa, wajen mutum ɗaya ne cikin goma, kuma yawanci turmi biyu take ɗauka. A ce ribar turmi dubu 3 ce bayan kin cire leda da kuɗin ɗan sahu zuwa tasha. Mutum goma sun kawo ribar dubu 6 ke nan, kowane saƙo darajarsa naira 600. Idan Facebook yana cin 600 a kan kowane saƙo, aikin banza kike yi. Ni rabi nake ɗauka a matsayin iyakata, wato 300, in bar wa kaina ɗaya rabin. Naki lissafin zai bambanta, musamman a leshi da ribarsa ta fi kauri amma masu tambaya su wuce sun fi yawa. Ki dai fitar da lambar ki rubuta ta a takarda, don ita za ta gaya miki lokacin ƙarawa da lokacin tsayawa.

Sai kuɗin kansa. Dubu 300 ɗin nan ba duka ne zai tafi talla ba, akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan tallan a Najeriya. Ki ɗauka dubu 280 gare ki, harajinsa dubu 21, jimla dubu 301, ya ɗan haura da dubu ɗaya. Da ni ce, ga yadda zan yi.

Kwana goman farko na Sha'aban zan sa dubu 4 a rana, dubu 40 ke nan. Wannan kuɗin gwaji ne, ko da ciniki bai yi yawa ba kada ranki ya ɓaci. Bidiyo uku ko huɗu za ki sa a ƙarƙashin rukuni ɗaya, abin da suke kira Ad set, ki ga wanne mutane suke amsawa. A wurina kullum bidiyon da aka warware turmi a hasken rana ana faɗin farashi da baki shi yake doke hoton da aka ƙawata. Faɗin farashin yana rage yawan saƙo, amma yana kore masu "nawa?" su ɓace.

Na ce rukuni ɗaya da dalili. Tsarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, yana da lokacin koyo, za ki ga an rubuta Learning a gefen tallan, kuma yana neman sakamako kusan 50 cikin mako ɗaya kafin ya daidaita. Dubu 4 a rana a kan 300 yana ba ki saƙo 13 a rana, kusan 90 a mako, kin wuce. Amma idan kika yanka kuɗin gida biyar, Kano daban, Kaduna daban, Abuja daban, kowanne naira 800, kowane rukuni ko saƙo 20 ba zai haɗa a mako ba. Sai ki ga an rubuta Learning limited, farashi yana hawa yana sauka kamar zazzaɓi. Haɗa garuruwan wuri ɗaya.

Daga 11 zuwa 20 ga Sha'aban sai ki kashe bidiyon da ba su yi ba, ki fara ɗaga kuɗin a hankali: dubu 5, bayan kwana uku dubu 6, sannan 7. Zai tashi wajen dubu 60. Kada ki yi tsalle daga 4 zuwa 15 dare ɗaya don kin ga kasuwa ta buɗe. Babban canji a kuɗi, ko canza bidiyo, ko canza mutanen da kike nufa, yana iya mayar da tallan koyo daga farko, kuma a daidai lokacin da kowa yake rububin wuri ɗaya. Sannan daga 21 ga Sha'aban zuwa 10 ga azumi, kusan kwana 20, ki tsaya a dubu 7 da ɗari 5 a rana, dubu 150. Sauran dubu 30 ki riƙe a hannu. Ko dai ki ƙara a makon albashi idan saƙo yana ƙasa da iyakarki, ko ki tallata mayafai da makamantansu a goman ƙarshe idan kina da su, ko kuma kawai su koma jari. Babu wanda ya ce dole sai an ƙarar.

Wani abu da yake tsorata mutane: kin sa Daily budget, wato kuɗin rana, dubu 7 da ɗari 5, sai ki wayi gari ya ci dubu 10. Ba sata ba ce. Yana iya wuce kuɗin rana idan ya ga dama mai kyau, ya rage a wata ranar, amma a mako ba ya wuce ninki bakwai na abin da kika sa. A mako za ki riƙa dubawa.

Yanzu maganar tayi, don kin san wurin tallan gwanjo ne, duk wanda yake son idon matan Kano a wannan makon yana takara da ke. Shi ya sa kuɗin nuna talla ga mutum dubu, wanda za ki gani a layin CPM, yake hawa idan Sallah ta matso. Idan ba ki taɓa komai ba tallanki yana kan Highest volume, ma'ana zai kashe kuɗin ranar duka ko saƙo ya yi tsada ko ya yi araha. Akwai kuma Cost per result goal, inda za ki faɗa masa matsakaicin abin da kike son biya. Nan na taɓa yin wauta. A lokacin da babu kasuwa ina samun saƙo a kan 150, sai na rubuta 150 na shiga azumi da shi. Kwana uku ina jiran waya ta yi ƙara, shiru. Da na duba, kuɗin rana ko kwata bai ci ba, an yi ta doke ni a gwanjon ina zaune ina murnar tattali. Alamar ke nan: talla yana Active amma kuɗi ba ya tafiya, to tayinki ya yi ƙasa. Shawarata ki bar shi a Highest volume lokacin gwaji don ki ga farashin gaskiya. Idan za ki sa iyaka daga baya, ki sa ta sama da abin da kika gani da ɗan rata, kusa da 300 ɗin nan taki. Bid cap kuwa, inda ake sa iyakar tayin da ba za a wuce ba a gwanjon, ki bar shi tukuna, a irin kuɗinmu ya fi yawan shaƙe talla.

Ranar tsayar da tallan ma lambobi ne za su faɗa miki. Idan saƙo ya haura iyakarki kwana uku a jere, ki duba Frequency, wato matsakaicin sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. Idan ya wuce uku ko huɗu, mutanen nan sun gaji da ganin bidiyon, sabon bidiyo yana iya gyarawa. Amma idan saƙo yana nan da araha, sai dai masu biya sun koma ɗaya cikin ashirin, kuma kin fara jin maganar tela, to kasuwar yadi ta tashi. Kashe shi a ranar.

Abu uku na ƙarshe da suka taɓa ɓata min kwanaki. Ki zuba kuɗi a asusun tallan tun da wuri, don idan ya ƙare tsakar dare tallan tsayawa yake, kuma ranar da banki zai yi miki gardama ita ce ranar da kika fi buƙata. Sabon talla kuma sai an duba shi kafin ya fara, yawanci cikin awa 24, don haka ki shigar da shi kwana biyu kafin ranar da kike so. Sannan ki shirya wanda zai amsa saƙo. A azumi daga la'asar zuwa shan ruwa mata suna kicin, ni ma ina can, sai bayan tarawihi saƙonni suke zubowa, da kuma lokacin sahur. Na ba ƙanwata waya daga tara zuwa sha biyun dare, da jerin farashi da lambar asusu a ajiye, domin wadda ta yi magana ƙarfe goma ba a amsa ba, da safe ta riga ta biya wata.

Kada kuma ki kwafi wannan tsarin ki kai shi Babbar Sallah yadda yake. Can kuɗin gida rago yake tafiya, da yawa ma kayan Ƙaramar Sallah suke maimaitawa. Ni kashi ɗaya cikin uku na wannan nake sawa, ragowar in ajiye wa bukukuwan da suke biyo bayan kaka, lokacin da ake neman anko turmi ashirin ashirin.