Ƙwai a baka ko guntun gatari: wa ya cancanci makin fassara?

Tambaya daga wata malamar Hausa a Jos:

"Allah ya gafarta Malam, na ba 'yan aji biyar aikin fassara daga Ingilishi. A ciki akwai jimlar da ke cewa wani manomi ya sayar da buhu 12 na dankalinsa yau a kasuwar Farin Gada, ya ƙi jiran farashin mako mai zuwa, ya kuma kafa hujja da karin maganar nan ta Turawa a kan tsuntsu ɗaya a hannu da biyu a daji. Amsar da ke cikin takardar jagorata ita ce 'Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.' Ɗaya ya rubuta 'Tsuntsu ɗaya a hannu ya fi biyu a daji.' Ɗaya ta rubuta 'Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.' Na uku ya rubuta 'Kwai a ba ka ya fi kaza a akurki.' Maki 10 ne. Zuciyata ta fi karkata ga mai gatari, don Hausarta ta fi daɗi. Yaya zan yi?"

Amsa:

Malama, Allah ya saka da alheri. Tun da wuri zan faɗa miki inda na tsaya: mai tsuntsu ya fi mai gatari maki, kuma na san wannan ba zai yi wa kunnenki daɗi ba. Ki ba ni dama in bi takardun ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in ɗauki jan biro, abin da nake fara yi shi ne in kife takardar jagora, in kife ta Ingilishin ma, in karanta abin da yaro ya rubuta kamar ni ne mai dakon da ke sauke kaya a kasuwar nan, wanda bai ji Ingilishi ba ko kalma guda. Sai in tambayi kaina, me na fahimta? Wa ya yi abin, me ya yi, nawa ne, yaushe, kuma don me? In amsoshin nan sun zo daidai da na mai karanta Ingilishin, fassara ta isar da saƙo. Amsar da ke cikin jagora hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyin da suke kaiwa garin. Wanda ya rubuta ta malami ne kamar ni da ke, kuma ba zai iya hango duk abin da yara arba'in za su kawo ba.

To, me manomin nan yake nufi? Yana auna tabbas da tsammani ne. Kuɗin da aka taya yau yana ganinsu da idonsa, na mako mai zuwa kuwa suna iya fin na yau, suna iya kasawa, ga shi dankalin Turawa ba ya son dogon ajiya in babu wuri mai sanyi. Karin maganar Hausa ta dace da wannan tsaf. Ƙwai ƙarami ne, amma ya riga ya shiga baki. Kaza babba ce, amma tana akurki, wato ɗan ɗakin da ake rufe kaji da dare, kuma kafin gari ya waye muzuru na iya shiga, ko annobar kaji ta faɗo. Ƙafa biyu ke riƙe da maganar: kaɗan wanda ya tabbata, da mai yawa wanda ba shi da tabbas.

Yanzu ki ɗora gatari a kan wannan ma'aunin. Yaushe Bahaushe yake cewa "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni"? Yana faɗa ne in mutum ya gaji da aro, in ana nuna masa cewa tsohon kekensa ya fi masa babur ɗin maƙwabci da sai ya roƙa. Abin da ake aunawa a nan shi ne naka da na wani, mallaka da roƙo. Manomin Farin Gada bai ari komai ba. Dankalin nasa ne yau, nasa ne kuma mako mai zuwa. Wanda ya karanta fassarar yarinyar nan zai ɗauka akwai wani mai gatari a cikin labarin da manomi yake gudun wulaƙancinsa, alhali babu shi. Ta kama ƙafa ɗaya, wato ƙaramin abu yana iya fin babba, ta saki ɗayar. Irin wannan kuskuren ya fi kowanne wuyar ganewa, don yana zuwa ne cikin babbar riga. Ni kaina, a farkon koyarwata, na sha ba da cikakken maki ga duk wanda ya kawo karin magana mai armashi, sai daga baya na lura yaran sun gano lagona, suna ta zuba karin magana ko ta dace ko ba ta dace ba.

Mai tsuntsu fa? Abin da ya yi shi ne muke kira fassarar baƙi da baƙi, kuma an saba tsoratar da ɗalibai a kanta har wasu malamai suna soke ta da zarar sun gan ta. Gaskiya ne tana yin ɓarna a wurare da yawa. Bature yana da wata magana a kan ruwan sama mai ƙarfi wadda in ka bi ta kalma da kalma za ka ce ana zubo da karnuka da kyanwoyi daga sama. Ka faɗa wa tsohuwa haka, sai ta yi salati. A wurin dole yaro ya ce "ruwa kamar da bakin ƙwarya", ko ya faɗi abin a fili, cewa an tafka ruwa. Amma tsuntsu a hannu da tsuntsu a daji, wane Bahaushe ne bai san su ba? Duk wanda ya taɓa ɗana tarko yana yaro ya san na hannu shi ne nama. Har ma ki lura da wani abu da yaron ya yi, wataƙila bai sani ba. Ingilishin cewa yake yi ɗayan ya kai darajar biyun, shi kuwa ya ce "ya fi", wato ya zuba maganar cikin ƙirar da karin maganarmu ta saba da ita. Saƙo ya isa cikakke. Abin da ya rasa kawai shi ne bai nemo tamu ta gida ba alhali tana nan.

Ga yadda nake raba irin wannan makin, kuma tsarina ne, ba doka ba ce. Bakwai na ma'ana: uku ga labarin kansa, huɗu ga hujjar manomi, don ita ce aka sa jimlar dominta. Biyu na kyawun Hausa. Ɗaya na ƙa'idojin rubutu. In mun ɗauka dukansu sun kawo labarin daidai, mai tsuntsu yana da bakwai na ma'ana, ɗaya daga cikin biyun Hausa, ɗaya na rubutu, ya tashi da 9. Mai gatari tana da uku na labari, ɗaya kacal daga cikin huɗun hujja, biyun Hausa duka, da ɗaya na rubutu, ta tashi da 7. Kada ki bar ta da jan layi kawai. Ki rubuta mata a gefe: "Karin maganarki a kan aro take. A wurin wa manomin ya ari abu?" Yarinyar da ta san wannan karin maganar a cikin garin Jos ta zauna kusa da manya, tambaya ɗaya ta ishe ta.

A cikin ukun nan na labari kuwa ba na sassauci ko kaɗan, don nan ne kalma take da iko. In yaro ya mai da buhu 12 ya zama 20, ko ya mai da mako mai zuwa ya zama gobe, ko ya yar da "ƙi" har manomi ya koma mai jira, maki ya tafi, komai daɗin sauran maganar. Lamba da lokaci da korewa ba su da fassara mai 'yanci.

Saura na uku, kuma takardarsa ce za ta fi cin lokacinki, don matsalarsa ta hannu ce ko ta sani, ba za ki gane ba daga jimla ɗaya. Ki fara da "kwai". Ki koma farkon takardarsa ki nemi inda ya rubuta ƙasa, ko ƙarfe, ko ɗaya, ko ɓera. In yana sa lanƙwasa a can, to a nan biro ne ya tsallake, ko lanƙwasar ta yi ƙanƙanta ta haɗe da layin takarda. In kuwa babu lanƙwasa ko ɗaya tun daga sama har ƙasa, bai koyi abin ba ne, sai ki cire makin rubutu sau ɗaya, kada ki bi kowace kalma kina yanka. A wannan gurbin rashin lanƙwasar bai ɓata ma'ana ba, don kaza da akurki suna kusa, kowa ya san ƙwai ake nufi. Da a ce ya rubuta "baki" inda ake nufin "baƙi", ko "kasa" inda ake nufin "ƙasa", har mai karatu ya iya ɗaukar wata ma'ana daban, to da laifin ya tashi daga rubutu ya shiga ma'ana.

"A ba ka" ta fi nauyi. "Baka" kalma ɗaya ce, sigar da "baki" take ɗauka in ana nufin wuri, kamar yadda "kai" yake komawa "ka" a cikin "ɗauka a ka", "zuciya" kuma ta koma "zuci". Ita ce a cikin "adabin baka". "A ba ka" kuwa kalmomi uku ne, daga aikatau "ba", wato a miƙo maka. A rubuce da hannu tazarar da ke tsakanin biyun ba ta fi faɗin ƙwayar gero ba. Nan ma ki duba yadda yake raba kalmominsa a wasu layukan. Wasu yaran suna ɗaga biro a tsakiyar kowace kalma, har "akurki" ma za ki gan ta kamar "a kurki". In haka hannunsa yake, ki ba shi 9, makin rubutu kaɗai ya rasa. In kuwa rubutunsa a haɗe yake ko'ina sai a nan ya ware gaɓoɓin sarai, to da alama ya ji karin maganar ne a bakin manya ya fahimce ta da cewa ƙwan da aka ba ka kyauta ya fi kaza. Ma'anar ba ta yi nisa sosai ba, amma tabbas ɗin da ke cikin abin da ya riga ya shiga baki ya ragu, sai in ƙara cire ɗaya daga hujja ya zama 8.

Hanya mafi sauƙi ta raba gardamar, tunda aikin aji ne ba jarrabawar fita ba, ita ce ki kira shi gaban teburinki ranar da za ki mayar da takardun, ki nuna masa layin da yatsa ki ce ya karanta da ƙarfi, sannan ki tambaye shi, "Ƙwan nan yana ina?" In ya nuna bakinsa, ki gyara makin nan take a gabansa.