Hanyar Newton ko bin gangara: wacce ta fi sauri?

"Malam ya ce hanyar Newton ta fi bin gangara sauri wajen nemo ƙasan f. To me ya sa ba a amfani da ita kullum?"

Ɗan'uwa, saurin da malaminku yake nufi na yawan taku ne, amma kowane taku da tsadarsa.

Ɗauki f(x, y) = ½(x² + 100y²), siffarta kamar kwari mai tsawo kuma matsattse. Bin gangara yana yin (x, y) ← (x, y) − α∇f, inda α ke ƙayyade tsawon taku. Dole α ya gaza 0.02, in ba haka ba y zai yi ta tsalle har ya ɓace maka. Idan ka sa α = 0.01, kashi ɗaya cikin ɗari kawai x yake raguwa a kowane taku, sai ka yi taku 1375 kafin kuskuren ya ragu sau miliyan. Newton kuwa tana warware Hp = −∇f don samun takunta p, inda H ke ɗauke da lanƙwasar kowane ɓangare, don haka a nan taku ɗaya ya isa.

Tsadar tana cikin H. Idan masu canzawa n ne, takun bin gangara yana cin aiki gwargwadon n bayan ka samu ∇f, amma H tana da gurabe n², warware ta kuma kusan n³/3. A n = 1000 kwamfuta ba za ta ji komai ba. A n = miliyan ɗaya, ajiye H kaɗai terabayit 8 ne.

Sannan ka kula, nesa da ƙasan f, Newton tana iya kai ka tudu. Alamar ita ce f ta ƙaru bayan taku. Sai ka rage tsawonsa, ko ka yi amfani da H + λI a madadin H.