Na'urar karanta lamba: a fara da tsara kayan

"Ina da shagon provision a Sabon Gari, Zariya, kaya sun yi yawa, littafi ya kasa. Wace sikana zan saya, ta yaya zan haɗa ta?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka sayi mai wayar USB. Kwamfuta tana ɗaukarta tamkar keyboard ce, ba ta buƙatar wata manhaja tata. Ka buɗe Notepad ka haska layukan lambar da ke jikin gwangwanin madara, lambobi 13 za su fito. Idan alamar rubutu ba ta sauka layi na gaba ba, ka nemi lambar Enter a takardar da ta zo cikin kwalin, ka haska ta sau ɗaya.

Amma sikana ba ta san farashi ba, lamba kawai take karantawa. Sai ka zauna ka shigar da kowane kaya: lamba, suna, farashi, adadi. Idan a Excel za ka fara, ka mayar da layin lambobin zuwa tsarin Text tukuna, in ba haka ba zai gutsure sifilin farko, ko ya nuna maka 6.15E+12.

Inda na fi ganin an sha wahala shi ne kwali da ɗaiɗai. A ce ka sayi kwalin taliya mai ƙunshi 20. Lambar jikin kwalin daban, ta ƙunshi daban. Idan ka haɗa su a layi ɗaya, yaronka ya sayar da kwali, lissafi ya cire ɗaya maimakon 20, ƙarshen wata ka zargi yaron da bai ci ba. Ka ba kowanne layinsa, ka sa manhajar lissafin kayanka ta san kwali ɗaya ƙunshi 20 ne.

Sukari da shinkafa da kake ƙullawa a leda kuwa, ka buga musu taka lambar, nau'in Code 128. Takardar lambar da ake bugawa da zafi tana dushewa a rana, kar ka jera ledojin bakin ƙofa.