Amsa kan fentin ƙaramin falo mai duhu

"Assalamu alaikum. Falona ƙarami ne, taga ɗaya gare shi kuma katangar maƙwabta take kallo, ko da rana sai mun kunna fitila. Wane fenti zan shafa ya ƙara masa haske da faɗi? An ce in sa fari fat."

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ina karanta tambayarki na tuna falon da muka zauna a unguwar Mabera ta Sakkwato, kuma abin da zan fara roƙonki shi ne kada ki yi gaggawar sayen farin nan. Farin fenti ba ya kawo haske da kansa, wanda ya samu a ɗaki shi yake mayarwa, saboda haka idan rana ba ta shigowa sosai sai ya koma ruwan toka, musamman a kusurwoyi.

Ni mai fenti ne ya cuce ni. Ya ce in bar masa komai, sai ya shafa fari daga tsakiyar bango zuwa sama, ƙasan kuma ya yi masa fentin mai ruwan ƙasa, wai don kada yara su ɓata. Layin nan da ya raba bangon biyu shi ya gutsure ɗakin, ido na zuwa wurin yake tsayawa, har mutum ya ji kamar silin ya sauko masa a ka. Bayan haka ya tsinka farin da ruwa har launin siminti na leƙowa ta ƙarƙashinsa. Ba na manta ranar da dangin maigida suka zo ganin ɗaki, wata gwaggonsa ta shafa bangon, tafin hannunta ya fito fari kamar ta taɓa alli, ta dube ni ba ta ce komai ba. Na kira mai fentin ya fi sau biyar bai ɗauka ba, alhali ya riga ya karɓi kuɗinsa cif, kuma har yau abin na yi mini ciwo.

Da muka sake aikin, ruwan madara mai haske ƙwarai muka zaɓa, wanda ya ɗan karkata zuwa rawaya, aka shafa shi a bango huɗun daga sama har ƙasa ba tare da an raba ba. Silin kaɗai aka yi wa fari fat, domin idan ya fi bango haske sai a ga kamar ya ƙara tsawo. Wannan launin yana da wani amfani a garinmu, domin ƙurar hunturu ba ta saurin tona asirinsa yadda take yi wa fari.

Ki kula da fuskar bangon ma. Ki guji tekiskot, fentin nan mai ƙurji-ƙurji, a cikin falo, saboda kowane ƙurji nasa yana yin 'yar inuwa kuma yana riƙe ƙura. A yi wa bangon sikiridin ya yi sumul, sannan a shafa fentin ruwa mai ɗan sheƙi, wanda masu shago ke kira satin, don yana mayar da haske kuma ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Amma sheƙi na fito da duk wani tudu da kwari na filasta, shi ya sa gyaran bangon ya zama dole kafin a shafa.

Falon namu ƙafa 12 ne a kan 12, tsayinsa ƙafa 10, wato bangon ya kai kimanin murabba'in mita 40 bayan an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya ta fenti mai kyau takan rufe kusan murabba'in mita 10, don haka shafa biyu ya ci mana wajen lita 8, galan biyu ke nan masu lita huɗu-huɗu, sai galan ɗaya na fari don silin. Idan tsohon launinki mai duhu ne, sai an fara kashe shi da farin shafen ƙasa, in ba haka ba zai riƙa leƙowa. Ki tsaya da kanki lokacin da ake zuba ruwa, kada a wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin.

Kafin ki sayi duka, ki sa a shafa kaɗan sau biyu a bangon da ke fuskantar taga da kuma kusurwar da ta fi duhu, ki bari ya bushe, ki duba shi da hantsi, da la'asar, da kuma bayan isha'i a ƙarƙashin ƙwan fitilarki. Ƙwan da aka rubuta wa 6500K haskensa na karkata zuwa shuɗi, yana dusashe ruwan madara. Mu da muka koma mai 4000K ne launin ya fito yadda muka gan shi da rana.

Idan katangar da tagarki ke kallo ta gidanku ce, ko maƙwabcin zai yarda, ki sa a shafa mata fari ita ma, domin a can rana ke duka, kuma hasken da ya dawo ta tagar yake shigowa.